Yadda Ake Karanta Takardar Bayanin Haɗarin Sinadari: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Aikin Shara da Goge-goge

Waɗannan tambayoyi ne da masu aikin tsafta a asibiti, otal, makaranta da ofis suke yawan yi idan aka miƙa musu takardar da ke bayanin sinadarin da suke aiki da shi. Domin kada magana ta watse, jarka guda za mu ɗauka mu bi takardarta: jarkar bilic mai lita 20, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, wato ruwan da ake ce wa hayfo a kasuwannin Nijeriya, jabel kuma a Nijar.

Wace takarda ce wannan, kuma me ya bambanta ta da rubutun jikin jarka?

Rubutun jikin jarka taƙaitawa ce kawai, cikakken bayanin yana cikin takardar. Kamfanin da ya haɗa sinadarin ko wanda ya shigo da shi shi ke rubuta ta. A samanta za ka ga an rubuta SDS, a tsofaffi kuma MSDS, idan da Faransanci ce kuma FDS. Sashe 16 gare ta, kuma jerinsu ba ya sauyawa, domin yana bin tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara wallafawa a 2003. Amfanin wannan gare ka shi ne ko da Turancinka bai kai ya kawo ba, lambar sashe za ta kai ka inda kake so. Sashe na 4 taimakon gaggawa ne, ko a takardar bilic ko a ta man goge tayil, ko daga Legas aka kawo kayan ko daga Dubai.

Takardarmu shafi goma sha ne. Dole sai na karanta duka?

A'a. Ba kai kaɗai aka rubuta wa ba. Akwai rabon direban babbar mota, akwai na 'yan kwana-kwana, akwai na likita. Naka su ne sashe na 1, 2, 4, 8 da 10, sai 6 da 7 su biyo baya. Waɗannan kuma kafin ka kwance murfin jarka ake karanta su. Wanda bilic ya fantsama wa a ido ba ya iya karatu, abokin aikinsa kuma ba shi da sararin buɗa shafi yana neman layi.

Sashe na 1 ai suna ne kawai da adireshi. Me zan duba a ciki?

Abu biyu. Na farko, sunan da ke takarda ya zo daidai da na jikin jarka, harafi da harafi, har da lambar kayan idan akwai. Kamfani ɗaya yakan yi ruwan wankin banɗaki iri biyu masu kusan suna ɗaya, wannan da bilic a ciki, wancan da asid, kuma kuskure tsakaninsu shi ne ainihin abin da ake gudu. Na biyu, lambar wayar gaggawa. Dube ta da kyau. Sau da yawa lambar wata ƙasa ce, ta Turai ko Amurka, wadda ba za ta yi maka rana ba ƙarfe biyun dare. Idan haka ne, rubuta lambar asibiti mafi kusa da ta shugaban aikinku da biro a saman shafin farko.

Daga nan ka juya zuwa sashe na 16 ko ƙasan shafi ka ga ranar da aka sabunta takardar. Kamfanoni kan sauya haɗi, sunan kaya yana nan yadda yake. Idan takardar ta kwana biyu sosai, a nemi sabuwa wajen dillali.

Sashe na 2 cike yake da hotuna da lambobi irin su H314. Yaya zan gane su?

Nan ne zuciyar takardar, don haka mu ɗan tsaya.

Fara da kalmar gargaɗi. Guda biyu ce rak, kuma ɗaya ake sawa: Danger ga haɗari mai tsanani, Warning ga wanda bai kai shi ba. A takardar Faransanci, Danger da Attention. A kan jarkarmu Danger za ka gani.

Sai hotuna. Guda tara ne a tsarin baki ɗaya, kowane baƙin zane ne a kan fari, cikin jan murabba'i da aka tsayar a kan kusurwarsa. Mai aikin goge-goge ya fi haɗuwa da huɗu ko biyar. Wanda ruwa ke zuba a kan hannu da kan ƙarfe yana cinye su, ma'anarsa abu ne mai cin fata da ido. Alamar motsin rai na nufin ƙaiƙayi, jan fata ko haɗari mai sauƙi-sauƙi. Mataccen kifi da busasshiyar bishiya na nufin guba ce ga halittun ruwa. Harshen wuta, abin yana kamawa, kamar sifirit da wasu magungunan fesawa. Mutum mai tauraro a ƙirji kuwa yana nuna illar da ke taɓa cikin jiki: asma, lalacewar huhu, ko cutar da sai a hankali take bayyana. Takardar bilic ɗinmu hoton farko da na kifi take ɗauke da su.

Lambobin da suka fara da H su ne ke faɗar irin haɗarin, kuma ma'anarsu ɗaya ce a kowane harshe. Na 200 haɗarin wuta, fashewa ko cin ƙarfe ne, na 300 lafiyar jiki, na 400 muhalli. H314 na nufin yana ƙona fata ƙwarai kuma yana lalata ido. H318 lalata ido mai tsanani ne, wanda ka iya zama na dindindin. H319 kuwa jan ido ne da raɗaɗi wanda yakan warke. Dubi yadda lamba ɗaya ta raba 318 da 319, alhali tsakaninsu akwai tazarar makanta da hawaye. H315 fusata fata ne, H290 cin ƙarfe. Idan takardar ta bi tsarin Tarayyar Turai, za ka iya ganin EUH031, wato idan ya haɗu da asid yana fitar da iska mai guba. A takardar bilic, ban ga layin da ya fi wannan cancantar a ja masa jan biro ba.

Lambobin da suka fara da P su ne abin da za ka yi. P280, sa safar hannu da kariyar ido. P305+P351+P338, idan ya shiga ido a wanke da ruwa a hankali na mintuna da dama, a cire gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido idan akwai, a ci gaba da wankewa.

Na ga an rubuta Category 1. Wato haɗarinsa kaɗan ne ke nan?

Akasin haka ne, kuma mutane da yawa suna faɗawa wannan ramin. A tsarin GHS, rukuni na 1 shi ne mafi muni, haɗarin yana raguwa ne yayin da lamba ke hawa. Abin da ke cin fata ma an sake raba shi 1A, 1B, 1C, kuma 1A ne ya fi saurin ƙonawa.

Ni da ruwa nake sirka shi a bokiti. Duk wannan tsoratarwar ta shafe ni?

Ta shafe ki, 'yar'uwa, amma a wani lokaci na musamman. Takardar tana bayanin abin da ke cikin jarka ne yadda aka sayo shi, ba ruwan da ke cikin bokitinki bayan sirki ba. Saboda haka lokacin da ya fi haɗari a duk yinin aikinki shi ne minti biyun nan da kike karkata jarka mai nauyi kina tsiyayawa. A nan ne jarkar ke yin ɓul-ɓul ta watso, fuskarki kuma tana sunkuye a kanta. Mutane kan sa safar hannu lokacin mofa, su tsiyaya da hannu tsirara, alhali juyin haka ya fi kusa da daidai.

Ƙarfin yana sashe na 3. A nan za ki ga sunan sinadarin, sodium hypochlorite, da lambarsa ta duniya, CAS 7681-52-9, da yawansa. Lambar nan ba ta sauyawa ko da sunan kasuwa ya sauya, don haka ita ce shaidar cewa bilic ne. Yawanci za ki kuma ga ɗan kostik soda, CAS 1310-73-2, wanda ake sawa don kada bilic ɗin ya yi saurin lalacewa. Wani lokaci ba a ba da adadi tsayayye, sai a ce daga kaza zuwa kaza. Wajen kare kai ki ɗauki na sama.

Lissafin sirki ba ya cikin takardar a mafi yawan lokuta, yana jikin jarka ko a ƙa'idar wurin aikinku, amma da adadin sashe na 3 ake yin sa. Raba ƙarfin jarka da ƙarfin da ake so, ki cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan awon ruwa ga awo ɗaya na bilic. A asibitoci akan yi amfani da ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari wajen goge ƙasa da tebur, da kashi 0.5 inda jini ya zuba. Da jarkarmu mai kashi 5, na farko ya zama 50 a cire 1, wato awo 1 na bilic da awo 49 na ruwa. A bokiti mai lita 10 wannan mililita 200 ne na bilic, sauran ruwa. Na biyu ya zama awo 1 da awo 9, wato lita 1 ta bilic da lita 9 ta ruwa. Da a ce an kawo muku mai kashi 3.5 ba ku lura ba, lissafin ya koma 1 da 34, da kuma 1 da 6, kuma wanda ya ci gaba da tsohon awo zai yi ta goge ƙasa da ruwan da bai kai ƙarfin kashe ƙwayar cuta yadda ake so ba. Ruwa ake fara zubawa, mai sanyi, sannan bilic, kuma a haɗa sabo kowace rana.

Me sashe na 4 ya ce idan ya shiga ido, ya taɓa fata, ko wani ya sha?

An kasa shi gida huɗu: shaƙa, fata, ido, haɗiya.

Na ido ya fi gaggawa. Takardu da yawa na cewa a wanke da ruwa mai gudana aƙalla minti 15, fatar ido a buɗe. Minti 15 a ƙarƙashin famfo ba ƙaramin lokaci ba ne, kuma akasarin mutane suna tsayawa bayan minti ɗaya ko biyu da zarar zafin ya lafa. Wani ya riƙe agogo. Bilic ɗan gidan su kostik soda ne, irin wannan kuwa yana ci gaba da nutsewa cikin naman ido bayan raɗaɗin ya ragu. A karkata kai ta yadda ruwan zai gangara gefen kunne, kada ya bi ta kan lafiyayyen idon. Bayan nan asibiti, ko da mutum ya ce ya ji sauƙi. Wannan sashe yana jefa maka tambayar da ya kamata ka amsa tun yau: ina famfo mafi kusa da inda ake tsiyaya, kuma yana kawo ruwa? Idan wurinku ruwa na ɗaukewa, a ajiye jarkar ruwa mai tsabta da buta a gefen siton, ba don komai ba sai wannan.

A fata, a tuɓe rigar da ta jiƙe, a wanke da ruwa mai yawa. Santsin da kake ji a yatsu idan bilic ya taɓa su ba sabulu ba ne, saman fatarka ne ya fara narkewa.

Idan an sha, za ka ga P301+P330+P331: a kurkure baki, kada a sa mutum amai. Abin da ya ƙona maƙogwaro yana sauka zai sake ƙona shi yana hawa, yana kuma iya faɗawa huhu. Al'adar nan ta ɗura wa mutum manja ko cusa masa yatsa a maƙoshi ba ta cikin takarda, kuma ɓarnarta ta fi gyaranta. A tafi asibiti da takardar, ko a ɗauki hoton jarkar a waya, domin ƙarshen sashen akwai bayanin da likita aka rubuta wa.

Jarka ta faɗi ta zube a sito. Ina zan duba?

Sashe na 6. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da wanda ba shi da aiki a wurin, a sa kayan kariya kafin a taɓa komai. A tare ruwan da yashi ko busasshiyar ƙasa, a kwashe cikin bokitin roba, sannan a wanke wurin da ruwa mai yawa. Kada a zuba garin katako a kan bilic mai ƙarfi, kuma kada wani ya ce zai kashe ƙarfinsa da asid. A hana shi gangarawa kwata, musamman wadda ke ɓullewa kududdufi ko rafi. Hoton kifin nan bai zo don ado ba.

Sashe na 5 na masu kashe gobara ne. Abin da ya shafe ka a ciki kaɗan ne: bilic ba ya cin wuta, amma idan wuta ta gasa shi yana fitar da hayaƙi mai guba.

Sitonmu rufin kwano ne, da zafi kamar gidan burodi. Akwai matsala?

Akwai, kuma sashe na 7 ya faɗa: wuri mai sanyi, mai iska, nesa da rana, nesa da asid, cikin mazubinsa na asali. Zafi da hasken rana suna karya bilic, ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa fitar da iska. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, ya san abin da ɗakin kwano ke zama da azahar. Alamomin su ne jarka ta kumbura, ko ta yi tsaki idan an kwance murfi. Idan ka ga haka, ka kawar da fuskarka, ka kwance a hankali. Wasu jarkokin murfinsu na da 'yar kafar shan iska, shi ya sa ba a kwantar da su, ba a kuma musanya musu murfi.

Batun mazubin asali kuma, kada a juye bilic ko wani sinadari a gorar ruwan sha ko ta lemo. Ta nan ne yara da abokan aiki suke kurɓa. Duk mazubin da aka juye wa, a rubuta masa suna da ƙarfi da kwanan wata.

An ba mu safar hannu irin ta asibiti da takunkumi. Sun isa?

Sashe na 8 ne zai raba gardama. Takarda mai kyau ba ta tsayawa ga cewa a sa safar hannu. Tana faɗar irinta, misali nitrile ko PVC, da kaurinta, da mintunan da sinadarin ke ɗauka kafin ya ratsa ta, kuma takan ambaci ma'aunin EN 374. Siririyar safar duba marar lafiya tana yagewa a bakin jarka, kuma iyakarta wuyan hannu, ruwa na shiga ta sama ya kwanta a kan fata, wanda ya fi rashin safar muni. Mai kauri mai tsawo zuwa kusa da gwiwar hannu ake so. Kafin ka sa, naɗe bakinta ka matse iska a ciki ka ga ko tana huci. Da hunturu a ƙara kula, domin hannun da ya yi kaushi ya tsage ya fi jin jiki.

Ido kuwa, tabarau mai rufe gefe da gefe mai manne wa fuska ake nufi. Na karatu ko na rana ba ya tare fantsama daga ƙasa. Takunkumin asibiti ba ya tare iskar kulorin, wato iska mai guba da bilic ke iya fitarwa, ko kaɗan. Abin da ke kare huhunka a aikin yau da kullum shi ne taga a buɗe da rashin haɗa abin da ba a haɗawa.

A farkon sashen akwai tebur na iyakar abin da aka yarda a shaƙa. Ga kulorin, ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce 0.5 ppm na minti 15, wato rabin kashi ɗaya cikin miliyan na iska. Ba za ka iya auna wannan da hanci ba. Abin da za ka ɗauka shi ne adadin ƙanƙane ne ainun, don haka idan ido ya fara yaji ko tari ya taso, fita.

Me ya sa ake ta nanata sashe na 10?

Domin a nan aka jera abokan gabar sinadarin, a ƙarƙashin 10.5. Ga bilic za ka ga asid, amoniya, da ƙarafa.

Ga yadda abin ke faruwa a zahiri. Masai ya yi dattin da ya kafe. Ma'aikaci ya zuba ruwan wankin masai, ya ga bai fita ba, ya bi shi da bilic don ya ƙara ƙarfi. Yawancin ruwan da ke cire kafaffen datti asid ne. Duba sashe na 3 nasa, sau da yawa za ka ga CAS 7647-01-0, lambar asid ɗin da ake kira hydrochloric acid. Haɗuwarsu ke da wuya iskar kulorin ta tashi. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, sai ta taru ƙasa-ƙasa, daidai inda fuskar mai durƙuso yana goge masai take, a ɗan ɗakin da galibi ba shi da taga. Ido ya yi yaji, maƙogwaro ya ɗau zafi, tari ya sarƙe. Abin yi shi ne fita nan take, a bar ƙofa a buɗe, a hana kowa shiga. Ko an ji dama-dama a je asibiti idan tari ko nauyin ƙirji bai tafi ba, domin illar huhu tana iya bayyana bayan awoyi.

Da amoniya kuma, wadda ke cikin wasu ruwan goge gilashi, wata iska ce mai guba ta daban ke fita. Fitsarin da ya taru ya kwana shi ma yana da amoniya, shi ya sa ake fara kora ruwa kafin a zuba bilic. Haɗawar ma ba sai da gangan ba: bokitin da ba a ɗauraye ba, mofa ɗaya a aiki biyu, ko magudanar da aka zuba wannan aka bi da wancan, duk haɗawa ce.

Idan kana shakkar ko wani ruwa asid ne, sashe na 9 zai faɗa maka a layin pH, wato ma'aunin asid. Bakwai tsaka-tsaki ne. Bilic yana wajen 11 zuwa 13, ruwan masai mai asid yakan kasance 2 ko ƙasa da haka. Duk abin da lambarsa ta yi ƙasa da bakwai, raba shi da bilic, a aiki da kuma a kan kanta.

Daga 11 zuwa 16 fa?

Sashe na 11 bayanin illa ne dalla-dalla. Ka leƙa shi idan hannunka ya daɗe yana ƙuraje ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ka nemi H317, wato fata na iya ƙin jinin abin, ko H334, wato yana iya tayar da asma. Na 12 muhalli ne. Na 13 zubarwa ne, kuma abin da ya shafe ka shi ne jarkar da ta ƙare: a ɗauraye ta, kada a kai ta gida a zuba ruwan sha ko man gyaɗa, duk kyanta. Na 14 na masu dakon kaya ne, inda za ka ga UN 1791 ga bilic mai ƙarfi. Na 15 dokoki ne, na 16 kuma ranar sabuntawa da fassarar lambobin H.

Oga ya ce babu takarda, a kasuwa aka auno mana a jarka marar suna. Yaya zan yi?

Yarjejeniya mai lamba 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1990, ta tanadi cewa mai sayar da sinadari mai haɗari ya ba wa mai ɗaukar aiki takardarsa, shi kuma ya sa ta inda ma'aikata za su gani. Ka nema cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a taimaka a karɓo mana takardar wannan wajen dillali." Idan kayan na da suna, rubuta sunan tare da SDS a wayarka, manyan kamfanoni suna ajiye tasu a shafinsu, sai dai ka tabbatar ta wannan kayan ce daidai.

Jarka marar suna kuwa ba ta da takarda, kuma ta wani kayan ba za ta zauna a madadinta ba, tunda ba wanda ya san ƙarfinta, balle lissafin sirki ya yiwu. Kada ka shinshina don ka gane mene ne, kada ka gwada da yatsa. Ka ware ta gefe nesa da sauran kaya, ka rubuta mata "ba a san abin da ke ciki ba", a mayar wa wanda ya kawo ta.